Kwana uku nake aiki, hutun kwana nawa ya kamata a ba ni?

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu lissafi ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Da ina aiki kwana biyar a sati, awa 37.5, to bayan na haihu sai na roƙi a mayar da ni kwana uku, Talata Laraba Alhamis, kullum awa bakwai da rabi. Albashi ba ni da ja a kansa, da 25,000 ne a shekara yanzu ya koma 15,000 kuma na buga a kalkuleta ya fita daidai. Matsalar hutu ce. Masu kwana biyar suna da kwana 20 da suke zaɓa da kansu, sannan ga ranakun hutun gwamnati guda 8. Ni an rubuta min kwana 12, manaja ta ce hutun gwamnati kuma in ya faɗo ranar aikina na ci, in bai faɗo ba sai dai haƙuri. Sai da na zauna da kalanda na ga duk shekarar 2025 guda biyu kacal suka faɗo a ranakuna. Haka abin yake ko an ƙware ni?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Maman Biyu ai Litinin da Juma'a kina gida dama, wane hutu kuma za a ba ki a ranar da ba ki zuwa aiki? Ni dai ban ga ƙwara a nan ba gaskiya, kwana huɗu fa kike hutawa duk sati, mu da muke kwana biyar me za mu ce

Maman Biyu: Yaya kwana huɗun nan ba biya na ake ba ai. Hutun da ake biya nake magana

Anti Mai Biyan Albashi: Tsaya tukuna, a wace ƙasa kike aikin? Lissafin kansa ɗaya ne a ko'ina amma abin da doka ta tilasta ya bambanta

Maman Biyu: Ingila ne Anti. Shekarar hutunmu Janairu zuwa Disamba, kuma tun farkon Janairu na koma kwana ukun

Anti Mai Biyan Albashi: To madalla, kin sauƙaƙa min tunda ba a tsakiyar shekara kika canza ba. Kin ga yadda kika yi da albashi? 22.5 ki raba da 37.5 ya ba ki 0.6, ma'ana kashi 60 cikin ɗari na aikin mai cikakken lokaci kike yi, shi ya sa 25,000 ya zama 15,000. To wannan 0.6 ɗin shi za a bi da shi kan komai da ake iya rabawa, ba wai a yi amfani da shi a kan albashi sannan a zo kan hutu a canza ma'auni ba. Inda suka yi kuskure, sun ɗauki 20 kawai suka buga da 0.6 suka samu 12, guda 8 ɗin suka bar wa sa'a. Alhali mai kwana biyar kwana 28 ake biyansa yana zaune a gida, ba 20 ba. Haɗawa ake yi tukuna sannan a raba. 28 sau 0.6 ya ba da 16.8. Wannan shi ne naki.

Kuma ba ma sai kin kwatanta da abokan aikinki ba, dokar can ta ce mafi ƙaranci shi ne sati 5.6 a shekara, satinki kuma kwana uku ne, 5.6 sau 3 ya sake ba da 16.8 ɗin dai. Ke kin samu 12 da guda biyun da suka faɗo miki, 1 ga Janairu da ta zo Laraba da Kirsimeti da ta zo Alhamis, 14 ke nan. Kwana 2.8 kike bin su.

Baban Yara amsarka ke nan. Ba wai za a ba ta hutun Litinin ba ne, za a zuba mata rabonta a cikin jimilla ta ɗauka a ranakun da take aiki

Baban Yara: To na ji. Amma wacce take aiki Litinin Talata Laraba fa? Ita ai ta ci riba ke nan

Anti Mai Biyan Albashi: Yawwa nan ne abin yake da daɗi. Cikin guda 8 ɗin na Ingila da Wales huɗu kusan kullum Litinin suke faɗowa, Litinin ɗin Ista, biyu a watan Mayu, ɗaya ƙarshen Agusta. Ɗaya kullum Juma'a ne. Sauran ukun, sabuwar shekara da Kirsimeti da washegarinta, su ne suke yawo. Don haka da tsarin manajar Maman Biyu, mai Litinin zuwa Laraba a 2025 za ta tashi da 12 da 5, kwana 17, ita kuma 14, alhali awoyinsu ɗaya albashinsu ɗaya, bambancin kawai ranar da kowa ya zaɓa. In aka yi shi daidai kowacce 16.8 ce. Mai Litinin a cire mata 5 da ofis yake rufe saura mata 11.8 da za ta zaɓa, Maman Biyu a cire 2 saura 14.8. Kuma ku yarda da ni masu Litinin ɗin ma suna zuwa min da ƙorafi, wai me ya sa nasu na zaɓi ya fi ƙanƙanta, sai na zana musu a takarda kafin su sauko. Wasu ma ba sa saukowa

Ɗan Dare: Anti duk wannan dogon lissafin na mene ne, ai yanzu doka ta canza, 12.07 cikin ɗari ake yi wa duk wanda ba ful taim ba. Ka buga awoyinka da 12.07 shi ke nan. Mu haka ake mana

Anti Mai Biyan Albashi: Rabi ka yi daidai ƙanena. 12.07 ɗin gaskiya ne amma ba na kowa ba ne. Na mutum iri biyu ne, wanda awoyinsa ba su da tsayayyen adadi a kwantiragi, yau a kira shi gobe ba a kira ba, da wanda yake aiki wani ɓangare na shekara kawai a bar shi sati ko fiye ba aiki ba biya. Maman Biyu awoyinta a tsaye suke, 22.5 kowane sati, ba ta cikin su. Kai wane irin aiki kake?

Ɗan Dare: Kula da tsofaffi, ta hannun ejansi. Wani satin awa 40 wani satin 9, watan da ya wuce 72 na yi gaba ɗaya. Kwantiragin ba a rubuta awa ko ɗaya ba

Anti Mai Biyan Albashi: To kai kam naka ne. Bari in nuna maka inda lambar ta fito don kar ka riƙa haddace ta kawai. Shekara sati 52, cire 5.6 na hutu saura 46.4 da mutum yake aiki a zahiri. 5.6 a raba da 46.4 shi ne 12.07 cikin ɗari. Wato duk awa ɗari da ka yi ka tara awa goma sha biyu da 'yan mintuna na hutu. Naka 72 ɗin ya ba da 8.69, kuma ƙa'idar ita ce in ragowar ta kai minti 30 a cika ta awa guda, in ba ta kai ba a yar, don haka awa 9 ka tara a watan. Da 68 ka yi da 8.2 za ta fito a ba ka 8.

Wannan tsarin ya fara ne ga shekarar hutun da ta soma daga 1 ga Afrilun 2024 zuwa sama. In shekarar hutunku Janairu take farawa to sai Janairun 2025 ya hau kanku, mutane da yawa nan suke ruɗewa

Ɗan Dare: Hmm to ni ba a taɓa nuna min wasu awoyi da na tara ba. Ce min aka yi fam 12.50 ɗin da ake ba ni a awa har da kuɗin hutu a ciki, in ina son hutu kawai kar in karɓi shif

Anti Mai Biyan Albashi: Ɗauko takardar albashinka ka duba, layi nawa ne a wajen kuɗin da suka shigo?

Ɗan Dare: Ɗaya ne. Awa 72, 12.50, jimilla 900. Sai haraji a ƙasa

Anti Mai Biyan Albashi: Kai. To ka ga wannan ya fi na Maman Biyu muni. An yarda ma'aikata ta riƙa haɗa maka kuɗin hutu cikin kowane biya maimakon ta jira sai ka tafi hutun, wannan halal ne ga irinku a sabon tsarin, amma da sharaɗi, sai an ɗora shi a KAN kuɗin aikinka kuma a rubuta shi a layinsa daban a takardar albashi. In 12.50 ne kuɗin awarka to ya kamata ka ga 900 a layi ɗaya sannan 108.63 a layi na biyu. In kuma sun dage cewa yana ciki, to ka raba 12.50 da 1.1207 ka ga ainihin abin da suke biyanka a awa, 11.15 ne, alhali mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya koma 12.21 a Afrilun 2025. Ko ta ina suka bi akwai magana. Ka fara duba kwantiragin ka ga me aka rubuta game da hutu, da baki aka faɗa maka ko a rubuce yake

Ɗan Dare: Da baki ne a waya ranar da na fara. Bari in nemo takardar tana cikin imel

Hajiya Mai Shago: Ni fa bari in faɗi tawa a matsayin wacce take biyan mutane. Ma'aikata shida gare ni huɗu fat taim, ba mugunta ba ce ke sa ake kuskuren nan wallahi lissafin ne yake da cin rai. Ina da yarinya da take awa 4 ran Litinin, awa 9 ran Asabar. In na ce tana da kwana kaza na hutu sai ta riƙa ɗaukan Asabar kawai, kwana ɗaya a takarda amma awa 9 na biya, ita kuma ɗayar da ke ɗaukan gajerun ranaku ta cutu. Na rasa yadda zan yi har faɗa suka yi a kai

Anti Mai Biyan Albashi: Hajiya ki daina ƙirga musu da kwana, ki koma awa. Yarinyar nan awa 13 take a sati, sau 5.6 ya ba da awa 72.8 a shekara. Ta ɗauki Asabar ki cire 9, ta ɗauki Litinin ki cire 4, faɗa ya ƙare. A Excel ma layi ɗaya ne, ki sa awoyin sati a A2

```
=A2*5.6
```

Abu ɗaya kawai, kar ki yanke ragowar ƙasa. 72.8 ba ta zama 72. Ki bar ta yadda take ko ki cika ta 73 in kin ga dama. Maman Biyu ke ma naki a awa 126 ne, ya fi sauƙin faɗa a kan 16.8 don ba wanda ya san yadda ake tafiya hutun 0.8 na kwana

Hajiya Mai Shago: Allah ya saka. Amma ku ma ma'aikata ku riƙa tausaya mana

Sabon Shiga: Ni ma irin wannan ce ta same ni, na fara aiki ran 18 ga wata aka ba ni kusan rabin albashi aka ce wai furo rata ne, wato an raba daidai da kwanakin da na yi, ina ganin cuta ce don an ce min albashin wata kaza ne

Baban Yara: Malam ran 18 ka fara kana so a biya ka daga ran 1? 😂 Wannan ba cuta ba ce kuma ba ita ake tattaunawa ba

Sabon Shiga: To ai na ga lissafin iri ɗaya ne

Malam Na Ƙungiya: Na zo a makare, na karanta daga sama. Anti ta gama da lissafi, ni abin da zan ƙara shi ne kar a ɗauka 12.07 ɗin nan wata lamba ce da aka saukar ba ta canzawa. An gina ta a kan mafi ƙarancin doka ne, kwana 28. In ma'aikatarku tana ba wa masu cikakken lokaci kwana 33 misali, sati 6.6 ke nan, sai a raba da 45.4 ya fito 14.54 cikin ɗari. Na sha ganin inda na dindindin ke cin 33 amma masu shif ana buga musu 12.07, kowa ya yi shiru don lambar ta yi kama da ta hukuma.

Kuma yana da kyau a san yadda aka zo nan. Akwai wata malamar kiɗa da take koyarwa lokacin zangon karatu kawai, makarantar tana biyanta hutu da 12.07, ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Birtaniya, shari'ar Harpur Trust da Brazel, aka yanke a Yulin 2022 cewa tunda kwantiraginta na duk shekara ne sati 5.6 cif za a ba ta, ba za a rage don ba ta aiki duk shekara ba. Sai ya zama mai aikin rabin shekara yana samun kason hutu da ya fi na mai aikin shekara cikakkiya. Gwamnati ta ga haka ta gyara dokar, shi ne aka dawo da 12.07 a 2024. Mu a ƙungiya ba mu ji daɗin gyaran ba, ba zan ɓoye ba

Anti Mai Biyan Albashi: Malam a nan kam ban bi ka ba. In muna cewa a raba daidai da aikin da mutum ya yi to a raba ta kowane ɓangare mana. Ba zai yiwu in rabon ya yi mana daɗi mu ce adalci in bai yi ba mu ce zalunci. Mai sati 32 ya samu kason da ya fi na mai sati 46, da wane baki zan yi wa na biyun bayani?

Malam Na Ƙungiya: Mai sati 32 ɗin ba shi ya zaɓi a rufe makaranta ba, kuma yana ɗaure da kwantiragin duk shekara. Amma mu bar shi, ba za mu gama yau ba

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in dawo da ku kaina 😅 akwai wata kuma. Satin da aka yi ƙarancin mutane na zo Litinin da Juma'a na cike, awa 15 a kan nawa, aka biya ni kuɗin awa na kullum. Amma abokiyar aikina mai kwana biyar ta ƙara awa 3 kacal aka ba ta kuɗin awa ɗaya da rabi a kan kowace awa. Wannan fa?

Malam Na Ƙungiya: Wannan kam ba za ki ji daɗin amsar ba. Dokar masu aikin rabin lokaci ta Birtaniya ta shekarar 2000, wacce ta hana a fifita mai cikakken lokaci a kanki, ita da kanta ta ce ba a tauye ki ba in ba a ba ki kuɗin obataim ba har sai kin wuce awoyin mai cikakken lokaci. Ke 22.5 da 15 ya kai ki 37.5 daidai, wato kin tsaya a bakin layin ba ki tsallaka ba. Da kin ƙara awa ɗaya ita ce za ta zama ɗaya da rabi. Sai dai in kwantiraginku ya ba da fiye da haka, ki duba

Maman Biyu: Amma ni ma ai na bar yarana na biya mai reno kwana biyun da ban shirya ba, wahalar ƙarin aikin ba ta jira sai awa 37.5

Malam Na Ƙungiya: Hujjarki tana da ƙarfi kuma ba ke kaɗai kike yin ta ba. Kotun Tarayyar Turai a 2023, a shari'ar wani matuƙin jirgin sama a Jamus, ta ce sa wa mai rabin lokaci layi ɗaya da mai cikakken lokaci kafin a fara ƙarin kuɗi tauyewa ne sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Amma Birtaniya ta riga ta fita daga Tarayyar kafin nan, hukuncin bai ɗaure kotunansu ba

Baban Yara: Ni kuma ina ganin ta Birtaniyan ce daidai. In ba haka ba ni da ita mu yi awa 37.5 a sati guda, aiki ɗaya, ita ta tashi da kuɗi fiye da ni. Wannan ma ai ba adalci ba ne

Anti Mai Biyan Albashi: Ka ga wannan karon maganarka tana da kai Baban Yara. Ni har yau ban tsaya a gefe ɗaya ba a kan obataim ɗin nan

Hajiya Mai Shago: To abin da ba ya rabuwa fa? Inshorar lafiya ko kwas da ake tura ma'aikata, kashi 60 na kwas zan tura ta?

Malam Na Ƙungiya: Kwas kam gaba ɗaya za ki tura ta, kuma in ya faɗo ranar da ba ta aiki a nemi yadda za a yi, kar a ce don fat taim ce a tsallake ta. Bonas da alawus na kuɗi su ake rabawa da kason awoyi. Irin su inshora da motar ofis nan ne ake ja, wasu suna bayarwa cikakke wasu suna mayar da shi kuɗi su ba da kason, hanawa gaba ɗaya ne sai ma'aikata ta kawo dalili na gaske ba wai don aikin rabin lokaci ne kawai ba. Sannan masu aiki biyu ƙanana ku kula da fansho, ana sa mutum kai tsaye ne in yana samun fam 10,000 a shekara a wuri ɗaya, ba a haɗa wuraren biyu. Mai 8,000 nan 8,000 can ba wanda zai sa shi sai ya nema da kansa, in ya nema kuma dole su zuba nasu kason tunda ya haura 6,240

Maman Biyu: To yanzu me zan rubuta wa manajar? Ba na son ya zama rigima matar tana da kirki, ina ganin ita ma haka ta tarar ana yi

Anti Mai Biyan Albashi: Kar ki sa kalmar doka a saƙon farko. Imel gajere, ki ce kin lissafa 5.6 sau 3 ya ba ki 16.8, a 2025 kin samu 14, ki jera ranakun biyu da kwanan watansu, ki roƙi a duba a kuma mayar miki da shi awa, 126. Yawanci mai biyan albashi yana ganin lambobin zai gane, don mu ma ba ma son a kama mu da irin wannan

Malam Na Ƙungiya: In kuma aka yi miki shiru ko aka ce haka tsarin yake, ki sake rubutawa ki nemi a ba ki dalili a rubuce na bambancin da ke tsakaninki da masu kwana biyar, dokar 2000 ɗin ta ba su kwana 21 su amsa. Ki ajiye kwafin komai a imel ɗinki na kanki ba na ofis ba. Kuma kar ki bar shi ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, ƙarar irin wannan tana da wa'adi gajere, Acas, hukumar sasanta rikicin aiki ta Birtaniya, suna ba da shawara kyauta a waya

Ɗan Dare: Na samo kwantiragin. An rubuta ina da hutu “daidai da doka” shi ke nan, ba a ambaci 12.07 ba ba a ce yana cikin kuɗin awa ba. Wata goma sha ɗaya nake musu aiki ban taɓa ganin ko sisi na hutu ba

Anti Mai Biyan Albashi: Tattaro takardun albashin duka goma sha ɗayan, ka rubuto min awoyin kowane wata kawai, ka rufe sunanka da lambobinka kafin ka turo hoto a nan. Shekarar hutunku wane wata take farawa?

Ɗan Dare: Ban sani ba wallahi, ina zan ga wannan